Yadda Lauya Zai Rubuta Wa Wanda Ya Tsaya Wa Wasiƙar Bayanin Hukunci

Ranar da alƙali ya karanta hukunci a Babbar Kotun Jihar Katsina, da Turanci yake karantawa, wani lokaci shafi talatin ko arba'in a zama ɗaya. Mutumin da ka tsaya wa yana zaune a benci, abin da ya tsinta bai wuce sunansa da wani adadin kuɗi ba. Kuna fitowa zai tare ka da tambaya: "Barista, mun ci ko ba mu ci ba?" Amsar da za ka ba shi a tsaye a harabar kotu ba ta isa ba, domin kafin ya kai gida ya manta rabinta, sauran rabin kuma 'yan uwa sun fassara masa yadda suka ga dama. Shi ya sa ake bin hukunci da wasiƙa. Wannan bayani na lauyoyi ne, musamman sababbin shiga da ma'aikatan ofis da ake ba su zayyana irin wannan takarda, kuma za mu bi shari'ar bashi guda ɗaya tun daga karɓo kwafin hukunci har miƙa wasiƙar.

Ga shari'ar da za mu yi misali da ita. Wani Alhaji mai sayar da hatsi a cikin garin Katsina ya ba wani ɗan kasuwa masara buhu 200 a kan naira 45,000 kowane buhu, jimilla naira miliyan 9. An biya shi miliyan 3, ya kai ƙara yana neman cikon miliyan 6, da diyyar miliyan 2 saboda jinkirin da ya tsayar masa da jari. Wanda ake ƙara shi ma ya shigar da tasa da'awar, yana cewa wasu buhunan sun zo da ƙwari. An yanke hukunci ranar Talata, 4 ga Maris, 2025.

Kada ka rubuta komai sai kwafin hukunci ya zo hannunka

Abin da kunne ya ji a kotu da abin da ke rubuce sukan bambanta, ko a adadi ko a sharaɗi. Sashe na 294 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ce a ba ɓangarorin shari'a ingantaccen kwafin hukunci cikin kwana bakwai da yanke shi. A aikace sai ka rubuta takardar nema ga rajistara, ka biya kuɗin kwafi, ka riƙa bibiya. Ka nema a ranar da aka yanke hukuncin, domin wa'adin ɗaukaka ƙara daga ranar yake fara tafiya, ba ya jiran kwafi. Idan mako ya wuce bai fito ba, ka aika gajeren saƙo na layi huɗu ko biyar: an yanke hukunci ranar kaza, ga abin da aka karanta a taƙaice, ga ranar da wa'adi zai cika, cikakken bayani na tafe idan kwafi ya fito.

Da kwafin ya zo, fara karatu daga shafin ƙarshe. A nan umarnin kotu yake, kuma shi ne ake zartarwa. Ɗauki takarda ka ja layi a tsakiya. A ɓangare ɗaya ka jera duk abin da kuka roƙa a takardar ƙara, a ɗayan ka rubuta abin da kotu ta yi da kowanne. A shari'ar Alhaji jerin zai nuna haka: an nemi miliyan 6, an bayar da miliyan 4 da dubu 500. An nemi diyyar miliyan 2, an hana. An kori da'awar wanda ake ƙara. An sa masa naira 100,000 kuɗin ɗawainiyar shari'a. An kuma sa kashi 10 cikin 100 a shekara a kan kuɗin hukuncin, daga ranar hukunci har a gama biya. Sai bayan ka gama wannan za ka koma farko ka nemo dalilin kowane ɗaya.

Akwai kalmomi biyu da ake yawan cakuɗawa, kuma kuskurensu yana da tsada. Idan kotu ta kori ƙara bayan ta saurare ta, magana ta mutu a wannan kotu, ba a sake shigar da ita, sai dai a ɗaukaka. Idan kuwa soke ta aka yi daga jerin shari'u, misali don kotun ba ta da hurumi ko don ba a bi ƙa'idar shigarwa ba, galibi ana iya gyarawa a dawo. A bakin mutane duka biyun "an yi watsi da ƙara" ne. A wasiƙarka kada ka tsaya a nan, ka faɗi wanne ne, ka faɗi ko ƙofa a buɗe take ko a rufe. Haka nan ka duba ko umarnin na biya ne ko na bayyana haƙƙi kawai. Hukuncin da ya tsaya a "gonar ta mai ƙara ce" bai umarci kowa ya tashi ba, kuma ma'aikatan kotu ba za su fitar da mutum da shi kaɗai ba.

Sakin layi na farko shi ne amsa

Bayan sallama da gaisuwa irin wadda ta dace da girman mutum, kada ka shiga tarihin shari'a. Ya san tarihin, shi ya rayu a ciki. Ba shi amsa da adadi:

"Assalamu alaikum, Alhaji. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, na rubuto ne in yi maka bayanin hukuncin da Babbar Kotu ta yanke ranar Talata, 4 ga Maris, 2025. Kotu ta yarda kana bin wanda ka yi ƙara bashi, ta umarce shi ya biya ka naira 4,500,000, da ƙarin naira 100,000 na ɗawainiyar shari'a. Wannan bai kai miliyan 6 da muka nema ba, kuma kotu ba ta ba mu diyyar miliyan 2 ba. Ƙarar da shi ya shigar a kanka game da ƙwari an kore ta, ba za ka biya shi ko kwabo ba."

Lura da cewa labari mai daɗi da marar daɗi suna wuri ɗaya. Wasu lauyoyi sukan cika shafin farko da "mun yi nasara", su ɓoye abin da aka rasa a shafi na uku. Mutum zai gano, kuma ranar da ya gano zai daina yarda da sauran abin da ke cikin takardar. Kalmar nasara ma gara a yi hattara da ita idan rabi aka samu. Adadi ya fi ta gaskiya.

Kuɗin ɗawainiya yana buƙatar jimla guda ta ƙarin haske, domin da yawa suna ɗauka kotu ta sa abokin shari'a ya biya musu kuɗin lauya ne gaba ɗaya. Rubuta masa cewa wannan adadi ne da kotu ta ƙayyade, ba lissafin duk abin da ya kashe ba ne, kuma yarjejeniyar kuɗin aiki da ke tsakaninku tana nan yadda take.

Dalili, a taƙaice kuma ba da zargi ba

Nan ne masu rubutu suke zubo sunayen tsofaffin shari'u da sassan doka. Cire su duka. Alhaji yana son sanin inda miliyan ɗaya da rabi ta tafi, kuma amsar ba ta wuce jimla uku ba:

"Dalilin ragin shi ne wanda ake ƙara ya kawo takardar banki da ta nuna ya tura naira 1,500,000 zuwa asusun ɗanka da ke tsaron shago, kuma da aka yi wa yaron tambayoyi a kotu ya amsa cewa kuɗin sun shigo. Kotu ta ɗauki wannan a matsayin biya daga cikin kuɗin masara. Diyya kuwa an hana ne don ba mu kawo wata takarda ko shaida da ta nuna adadin asarar da jinkirin ya jawo ba."

Ka ce "kotu ta ɗauka" ko "kotu ta gamsu", kada ka ce "gaskiyar magana ita ce", domin aikinka a nan isar da abin da alƙali ya samu ne. Kada ka zagi alƙali a rubuce, kada ka yi shaguɓen an saye shi, ko da wanda ka tsaya wa ne ya fara wannan zance. Wasiƙa tana yawo, kuma irin wannan magana tana iya jawo maka hukuncin ladabtarwa. Idan kana ganin alƙali ya kuskure a doka, wurin faɗin haka shi ne sashen ɗaukaka ƙara, da harshen da za ka iya maimaitawa a gaban kotu.

Batun kashi 10 cikin 100 yana son kulawa ta musamman a garinmu. Lissafinsa a kan miliyan 4 da dubu 500 shi ne naira 450,000 a shekara, wato 37,500 a wata. Mutane da yawa a Katsina da Daura ba za su karɓi wannan ba saboda suna ganin riba ce. Kada ka yanke masa, kada kuma ka ɓoye. Gaya masa kotu ta sa, ga adadinsa, yana da ikon yafewa, kuma idan yana son fatawa ya tambayi malaminsa, sannan ya sanar da kai a rubuce kafin a fara karɓar kuɗi.

Hukunci ba kuɗi ba ne a hannu

Wannan sashe ne ya fi cancantar ka zauna a kansa, domin a nan zumunci tsakanin lauya da wanda ya tsaya wa yake lalacewa. Mutum yana barin kotu da tunanin gobe za a kira shi ya karɓi kuɗinsa. Idan wata biyu suka wuce shiru, sai zargi ya fara: ko lauya ya karɓa ya ci, ko an haɗa baki da shi. Maganin wannan shi ne ka faɗa tun yanzu, a rubuce, cewa kotu ba ta karɓo wa mutum kuɗi da kanta, sai wanda ya ci shari'a ya nema, kuma neman yana da kuɗi da lokaci.

Sai ka shimfiɗa masa hanyoyin bi da bi, kamar yadda dokar zartar da hukunci ta tanada. Ta farko ita ce takardar neman biya zuwa ga lauyan ɗaya ɓangaren, da wa'adin da ku kuka zaɓa, misali kwana 14. Ba ta da tsada, kuma sau da yawa ita ke buɗe ƙofar sulhu. Ta biyu ita ce kama kuɗinsa a banki, abin da lauyoyi ke kira ganishi. Kotu takan fara ba da umarnin wucin gadi da ke riƙe kuɗin, a kai wa bankin da wanda ake bi aƙalla kwana 14 kafin zama, bankin ya zo ya faɗi abin da ke cikin asusun, sannan a mai da umarnin tabbatacce. Iyakarta a fili take: abin da aka tarar a asusun shi ake samu, idan dubu hamsin ce, dubu hamsin ce. Ta uku ita ce takardar kama kaya, wadda ma'aikatan kotu ke zuwa da ita su kwashe kayan da ake iya ɗauka, kamar mota ko hajar shago, a yi gwanjonsu. Gida ko fili ba a taɓa su sai kayan ɗauka sun kasa biya, kuma sai an koma kotu an nemi izini.

Abin da ke lalata kama kaya shi ne a kama na wani. A kasuwar hatsi wannan ruwan dare ne, domin sito ɗaya yakan ɗauki buhunan mutum biyar. Mai kayan zai shigar da da'awa, a tsaya sauraron ta, wata da watanni su tafi. Don haka wasiƙar ta nemi taimakon Alhaji da abin da ya fi ka sani: bankunan da mutumin ke hulɗa da su, lambar motarsa, wane sito ne nasa na kansa. Da a ce wanda ake bi ma'aikatar gwamnati ce, sai ka ƙara da cewa kama kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati yana da sharaɗin neman amincewar Antoni Janar, kuma wannan kan ja lokaci.

Ka sanar da shi abu biyu da ɗaya ɓangaren zai iya yi, don kada su zo masa ba zato. Yana iya roƙon kotu ta bar shi ya biya kaɗan-kaɗan. Yana kuma iya ɗaukaka ƙara ya nemi a dakatar da zartarwa. Ɗaukaka ƙara ita kaɗai ba ta tsayar da zartar da hukunci, sai an nemi dakatarwa daban, amma da zarar an shigar da wannan roƙo aka kawo muku, hankali shi ne a tsaya har kotu ta yanke a kansa. A hukuncin kuɗi kotu takan sa sharaɗin a ajiye kuɗin a hannun rajistara har a gama, kuma wannan ne abin da za ku roƙa idan aka kai nan.

Akwai gargaɗi guda da ba a barin sa, kuma a rubuta shi da kalmomi masu kauri:

"Alhaji, ina roƙonka kada kai ko yaranka ku je shagonsa ko sitonsa ku ɗauki wani abu da kanku, kada kuma a kai maganar wurin 'yan sanda don su karɓo. Hukuncin yana hannunmu, amma ma'aikatan kotu ne kaɗai doka ta ba ikon kama kaya. Idan ya zo maka da tayin sulhu ko wani kuɗi, ko ta hannun dattawan kasuwa, ka saurare shi da mutunci, amma kada ka sa hannu a kowace takarda sai na gani."

Jimlar ƙarshen nan tana da dalili. Sau da yawa dattawa kan shiga tsakani, a karɓi miliyan 2 a rubuta "an gama", mutum bai san ya yafe sauran ba.

Wa'adi: rubuta rana, kada ka rubuta tsawon lokaci

Daga hukuncin ƙarshe na Babbar Kotu a shari'ar da ba ta laifi ba, wa'adin zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara wata uku ne. Idan hukuncin tsakiyar shari'a ne, wanda bai raba gardama gaba ɗaya ba, kwana 14 ne kacal. A shari'ar laifi kwana 90 ne. Wata uku da kwana 90 ba ɗaya ba ne: daga 4 ga Maris, 2025, kwana 90 suna cika ranar 2 ga Yuni, wata uku kuwa ranar 4 ga Yuni. Ba a lissafa ranar da aka yanke hukuncin. Idan ka rubuta "kana da wata uku", mai karatu zai fara ƙirga daga ranar da wasiƙa ta iske shi, ko ya ƙirga da watan Musulunci. Rubuta masa "Laraba, 4 ga Yuni, 2025", sannan ka ba shi wata rana ta kusa wadda kai kake son jin shawararsa, misali Laraba, 14 ga Mayu, don ka samu mako uku na shirya takardu. Wanda ya makara yana iya neman ƙarin lokaci, amma sai ya kawo ƙwaƙƙwaran dalilin jinkiri da kuma hujjojin ɗaukaka ƙara masu nauyi, kuma kotu na iya hanawa.

Idan hukuncin daga kotun shari'ar Musulunci ya fito, kada ka kwafi waɗannan wa'adodi, buɗe dokar wannan kotu ka ɗauko nata. Ka kuma tantance inda za a nufa, domin sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulki ya keɓe hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ga al'amura irin su aure, gado, wasiyya, kyauta, waƙafi da riƙon yara. Rikicin cinikin fili ko bashi da aka kai can yakan ƙare da a rushe komai saboda rashin hurumi, bayan shekaru.

Sannan ka ba da shawararka, kada ka jera zaɓi ka gudu. Ka bayyana cewa ɗaukaka ƙara ba sake shari'a ba ce: ba a kiran shaidu, alƙalai uku ne za su karanta abin da aka rubuta a kotun farko su duba ko an yi kuskure, kuma ba kasafai suke taɓa abin da alƙalin da ya ga shaidu da idonsa ya gaskata ba. A shari'ar Alhaji shawarar a bayyane take:

"Kana da damar ɗaukaka ƙara a kan naira 1,500,000 da kuma diyya. Shawarata ita ce kada mu yi. Ragin ya dogara ne a kan takardar banki da amsar da ɗanka ya bayar da bakinsa, kuma da wuya kotun sama ta sauya wannan. Za a kashe kuɗin haɗa kundin shari'a da na aiki, a ɗauki lokaci mai tsawo. Na fi ganin mu sa ƙarfinmu wajen karɓo abin da aka ba mu. Amma zaɓin naka ne, abin da ka zaɓa shi zan bi."

Kada ka yi alkawarin sakamako, kada ka ce "tabbas za mu ci a sama". Idan za ka faɗi kuɗin mataki na gaba, raba shi biyu, abin da ake biyan kotu da abin da yake na ofishinku, kowanne da adadinsa. Ka kuma faɗi inda kuɗin za su sauka idan an karɓo: asusun ofis na ajiyar kuɗin waɗanda kuke tsaya wa, daga nan a tura masa tare da lissafi a rubuce.

Rufe wasiƙar da abin da kake jira daga gare shi, a jere kuma gajeru: amincewarsa a aika takardar neman biya, bayanin bankuna da kadarori, matsayinsa a kan kashi 10, da shawararsa kan ɗaukaka ƙara kafin 14 ga Mayu. Duka wasiƙar kada ta wuce shafi biyu. Haɗa mata kwafin hukuncin.

Gwaji da miƙawa

Kafin sa hannu, ba wani a ofis wanda bai san shari'ar ba ya karanta, sannan ka karɓe takardar ka tambaye shi abu uku: nawa aka ba Alhaji, me ake so ya yi, zuwa wace rana. Idan ya yi tuntuɓe a ɗaya, wannan wurin ne za ka sake rubutawa. Sake gwada kowane adadi da kowace rana da kwafin kotu, domin sifiri ɗaya da ya ɓace a 4,500,000 ya isa ya haddasa rigima.

Yi tunanin wanda zai karanta masa. Dattawa da yawa sun fi sakewa da ajami ko da sauraro, kuma wanda zai karanta musu boko galibi ɗa ne ko yaron shago. A wannan shari'a ɗan da kuɗi suka shiga asusunsa yana iya zama shi ne mai karatun, kuma ba lallai sakin layin da ya shafe shi ya isa kunnen mahaifinsa yadda aka rubuta ba. Saboda haka ka kira Alhaji ofis, ko ka je ka same shi, ka karanta masa da bakinka, ka tsaya bayan kowane sashe ya maimaita maka abin da ya fahimta. Tambaye shi tun farko wa ya yarda ya ga takardar, domin sirrinsa ce, kada a tura ta wayar da ba tasa ba. Idan ofishinku na ajiye kwafin Turanci a fayil, ka tabbata abin da ke cikinsa daidai yake da na Hausar, jimla da jimla. Ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a kwafi ɗaya da kwanan wata, ka ajiye a fayil, sannan ka shigar da ranakun nan biyu, 14 ga Mayu da 4 ga Yuni, a kundin ranakun ofis, tare da tunatarwar kiran waya mako guda kafin ta farkon.